Kalmar da masu ba da aiki ke nema ba ta cikin takenki

Anti, barka da aiki. Hausa da Turanci na karanta a jami'a, kuma shekara uku ke nan ina rubuta hirarrakin bincike daga rikodin, ina fassara su zuwa Turanci, yawanci a kan lafiyar mata da yara. Sun haura 60. Wata huɗu da suka wuce na buɗe furofayil a Upwork, dandalin neman aiki ta intanet, na sa take kamar haka: Hardworking Freelancer | Writer, Translator, Designer, Data Entry. Bayanin kuma na fara da gaisuwa, da sunana, da makarantun da na yi. Har yau ba wanda ya gayyace ni aiki, alhali ƙawata da muka buɗe tare ana ta nemanta. Maigidana ya ce in haƙura, kuɗin data kawai nake ƙonawa. Ina matsalar take?

Wata 'yar'uwa daga Zariya

Ƙanwata, sake karanta taken nan naki a hankali, ki nemo mini kalmar Hausa a ciki. Babu ita. Abu ɗaya da kike da shi wanda dubban masu furofayil a Indiya da Filifin da Kenya ba su da shi, shi ne kika bari a gida kika fito kasuwa.

Bari mu tsaya a wurin wanda zai ba ki aikin. A ce wata jami'ar bincike ce a Landan ko Abuja, an turo mata rikodin goma sha biyu na tattaunawa da mata a wani ƙauye a Jigawa, kuma rahoto ake jira nan da mako uku. Za ta buɗe akwatin bincike ta rubuta kalma biyu ko uku, irin su Hausa transcription, ko Hausa to English translator. Manhajar ba ta san ki ba, ba ta san wahalar da kika sha a jami'a ba. Abin da take yi shi ne ta duba kalmomin da aka rubuta mata, ta nemo furofayil ɗin da ke ɗauke da su a wurare uku: taken da ake kira Title, bayanin da ake kira Overview, da jerin ƙwarewa da ake kira Skills. Wanda kalmar ba ta cikin nasa, da wuya ya fito, ko da shi ne gwanin gwanaye. Da wuya a samu mai neman ma'aikaci ya rubuta Hardworking a akwatin bincike. Freelancer kuwa kowa a dandalin shi ne. Ke nan kalmomi biyu na farkon takenki, wurin da ido ke fara sauka, kin kyautar da su.

Ragowar taken ma yana miki ɓarna ta wata hanya. Kin lissafa sana'a huɗu, kina ganin kin faɗaɗa tarko. Amma a kowace ɗaya daga cikinsu kina gasa da mutanen da ita kaɗai suke yi, suna da tarihin ayyuka da yabon kwastomomi. A fagen shigar da bayanai kawai, masu furofayil ba sa ƙirguwa, kuma sabon shiga can ƙarshen layi yake. Ko an yi sa'a wani ya gan ki, zai karanta taken kamar yadda muke jin mai maganin tasha da lasifikarsa, ƙulli ɗaya yana maganin basir da ciwon baya da shawara: sai a yi murmushi a wuce. Mai rikodin goma sha biyu tana neman wadda ta san aikin rikodin ne.

To ga yadda zan gina miki sabon take. Kafin ki rubuta komai, ki shiga sashen neman ayyuka na dandalin ki rubuta Hausa, ki karanta tallan aiki ashirin ko talatin, har da waɗanda aka riga aka rufe idan suna fitowa. Ki ɗauki biro da takarda ki riƙa rubuta kalmomin da masu tallan suka yi amfani da su da bakinsu. Za ki ga wasu suna ta maimaituwa. Waɗannan su ne kayan gininki. Kada ki ƙirƙiro wa kanki laƙabi mai daɗin ji irin Language Expert ko Bilingual Professional, domin masu aiki ba haka suke kiran abin ba. Idan sun ce transcription, ki ce transcription.

Upwork yana ba da gurbin harafi 70 a take, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Ga abin da zan sa da ni ce ke:

```
Hausa Transcription & Hausa to English Translation | FGD, KII, Health
```

Harafi 69 ne, ya shiga. Ki lura da jerin. Sunan harshen ne a farko, saboda a waya ana iya yanke ƙarshen take, kuma ido daga farko yake kamawa. Sai sunan aikin da kika fi iyawa. Sai fassara, tare da nuna inda ta nufa, daga Hausa zuwa Turanci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: mai son a mayar masa da takardar wayar da kai zuwa Hausa daban, mai son a mayar masa da hirar ƙauye zuwa Turanci daban, kuma kowannensu da yadda yake rubuta bincikensa. Idan kina yin duka biyun, ki bar wanda kika fi yi a take, ɗayan ki sa shi a cikin bayani da cikakken lafazinsa, English to Hausa translation, don bincike ya same shi a can.

FGD da KII kuwa, kin san su fiye da ni: tattaunawar rukuni da hirar mutum ɗaya mai masaniya, kamar yadda ƙungiyoyin agaji da masu binciken jami'a ke taƙaita su. Wanda ba ɗan harkar ba ba zai gane su ba, kuma ba komai, ba shi kike nema ba. Ita jami'ar binciken da ta gan su ta san ba sai ta yi miki bayanin yadda ake raba muryoyin mutum takwas da ke magana a lokaci guda ba. Haruffa shida sun yi aikin da sakin layi guda na yabon kai ba zai yi ba.

Za ki ce to zanen hoto da shigar da bayanai fa, in zubar da su? A cire su daga take, i. Ba na cewa ba ki iya su ba. Amma a cikin wasiƙarki ba ki kawo hujja ko ɗaya a kansu ba, rikodin 60 kuwa hujja ce mai nauyi. Abin da kike da shaidarsa shi ake sa wa a gaba.

Yanzu bayani, kuma a nan zan ɗan daɗe. Gurbinsa babba ne, harafi 5,000, shi ya sa mutane ke sakin jiki su fara da tarihin rayuwa. Abin da ba su lura da shi ba, a shafin sakamakon bincike layi biyu ko uku na farko kaɗai ake nunawa a ƙarƙashin sunanki da takenki da farashinki. Sauran sai an danna. Ke nan idan kin fara da gaisuwa da "sunana wance, na gama makaranta kaza a shekara kaza", wannan shi ne duk abin da mai aiki ya gani game da ke, kuma sunan naki dama yana sama yana kallonsa. Na san a tarbiyyarmu shiga magana ba sallama rashin ladabi ne, kuma hannu yakan yi nauyi wajen goge gaisuwar. Ki ajiye ta sai ranar da aka turo miki saƙo, a can ne wurinta.

Layukan farko su amsa tambaya uku: me kike yi, wace shaida gare ki, yaushe za a karɓi aiki. Misali:

```
I transcribe Hausa interviews and focus group discussions and translate
them into English, with timestamps and speaker labels. 60+ health
research recordings in 3 years. One hour of clear audio: Hausa
transcript in 2 days, English version in 5.
```

Jimla ta farko ta sake kawo kalmomin bincike, amma cikin magana mai ma'ana, kuma ta warware FGD zuwa cikakken sunansa, don wanda ya rubuta doguwar sigar ma ya same ki. Ta biyu lamba ce, ba sifa ba. "Ina da ƙwarewa sosai" kowa na iya faɗa, "rikodin 60 a shekara uku" sai wanda ya yi. Ta uku alƙawari ne, don haka sai ki auna shi da ma'aunin kanki kafin ki kwafa. Lissafin da na yi shi ne: rikodin na awa ɗaya mai fita sarai yakan ci awa huɗu zuwa shida wajen rubutawa, idan tattaunawar rukuni ce da kukan yara da ƙarar injin niƙa a baya kuwa ya fi haka. Maganar awa ɗaya takan kai kalma dubu bakwai zuwa tara, mai fassara kuma da wuya ya wuce dubu biyu zuwa dubu biyu da ɗari biyar a yini idan yana son aiki mai kyau. Kwana uku ke nan ko fiye a kan fassara kaɗai. Sai ki ƙara da ɗauke wuta da hidimar gida. Idan kwana bakwai ne gaskiyarki, rubuta bakwai. Wadda ta yi alƙawarin kwana biyu ta kawo a na huɗu za ta kwashi mummunan sharhi, kuma a sabon furofayil sharhi ɗaya mara kyau yakan daɗe yana bin mutum.

Bayan waɗannan layuka, wanda ya danna ya shigo ya riga ya fara sha'awa, abin da ya rage masa shakku ne. Aikin sauran bayanin shi ne kashe shakkun ɗaya bayan ɗaya, a gajerun sakin layi. Ki faɗi irin rubutun da kike yi: kalma-da-kalma har da "to", "ai" da dariya da shiru, ko gyararre da aka cire in'ina. Masu bincike da yawa na farkon suke so, kuma kalmar da suke nema ita ce verbatim, don haka ki rubuta ta. Ki faɗi siffar da za ki miƙa aikin, Word ko Excel mai shafi biyu, Hausa a hagu Turanci a dama. Idan kina amfani da manhajar rubuta sauti irin Express Scribe ko oTranscribe, ki ambace ta sau ɗaya. Idan ba kya amfani da ita, kada ki ara don ado, wata rana za a tambaye ki.

Akwai kuma abubuwan da ɗan harshe kaɗai zai iya faɗa, kuma su ne ke raba ki da mai da'awar Hausa don ya taɓa zama a Sabon Gari. Ki ce kina rubutu da daidaitacciyar Hausa ta boko, da haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, yadda ya kamata. Ki faɗi kare-karen da kunnenki ke kamawa da gaske. Bazazzagiya ba za ta sha wahala da Kananci ba, amma tsohuwa daga ƙauyen Sakkwato ko Maraɗi tana magana da sauri a cikin hayaniya wani abu ne daban. Idan kin taɓa yin irinsa ki faɗa, idan ba ki taɓa ba ki yi shiru a kai. Kuma tunda fagenki lafiya ne, jimla ɗaya da ke nuna kin san matsalar fagen ta fi shafi guda na takardun shaida. Misali, ki ce idan mai magana ta ambaci cuta da sunan gargajiya, kamar shawara ko tamowa ko iska, kina barin kalmar Hausar tare da ɗan bayani a gefe, ba kya liƙa mata sunan asibiti da ƙarfi. Duk wanda ya taɓa karɓar fassarar da ta ɓata masa bincike zai tsaya a kan wannan jimlar.

Karatunki ya zo a ƙarshe, a layi ɗaya. Dama akwai gurbi na musamman domin makarantu.

Abu biyu kada su shiga bayanin ko kusa. Na ɗaya, lambar waya ko imel ko WhatsApp: dokar dandalin ta hana, kuma ana iya rufe asusu a kai. Na biyu, sunayen ƙungiyoyin da kika yi wa aiki ba tare da izininsu ba, balle ki ɗora wani yanki na hirar gaske a matsayin samfuri. Matan da aka yi hira da su an yi musu alƙawarin sirri, kuma mai aikin kirki da ya ga kin baje hirar wani zai san tasa ma haka za ki yi da ita. Idan kina son samfuri, kuma ya kamata ki sa, ki ɗauki hirar minti uku da ƙanwarki ko maƙwabciya da yardarta, a kan abin da ba sirri ba kamar girkin azumi, ki rubuta ta da alamun lokaci da sunayen masu magana na bogi, ki fassara, ki ɗora a sashen Portfolio.

Wani kuskure da sababbi ke faɗawa da zarar sun gane maganar kalmomin bincike shi ne cusa su ba kai ba gindi: sakin layi guda na Hausa translator, Hausa translation, translate Hausa, ana ta jerowa. Ko hakan ya fito da ke a bincike, mutum ne zai karanta, kuma mai neman mafassara rubutunta yake aunawa tun daga layin farko. Kowace muhimmiyar kalma ta fito sau ɗaya ko biyu a cikin jimla mai rai, ya wadatar. Haka kuma kuskuren Turanci ɗaya a bayanin mai fassara zuwa Turanci ya isa ya kori mai ba da aiki, don haka ki ba wani ya duba miki kafin ki ɗora.

Jerin ƙwarewa ba rubutawa ake yi yadda aka ga dama ba, daga jerin dandalin ake zaɓa. Ki fara rubuta Hausa, ki ɗauki duk abin da ya fito da ya dace da ke, sannan Transcription da Translation da danginsu, ki cire na zane da na shigar da bayanai. Take da bayani da jerin su faɗi magana ɗaya. Sai sashen Languages, wanda mutane da yawa ke tsallakewa: ki ƙara Hausa a matakin Native or Bilingual. Masu aiki suna iya tace sakamako da harshe, kuma idan gurbin nan babu komai, tacewar za ta zubar da ke duk kyawun takenki. Ki leƙa saitin furofayil ma ki tabbatar yana kan Public, ba Private ba. Minti ɗaya ne, amma idan a rufe yake duk gyaran nan a banza.

Yaya za ki san gyaran ya ci? Kafin ki taɓa komai, ki shiga shafin ƙididdigar asusunki ki rubuta adadin waɗanda suka kalli furofayil ɗinki. Ki yi gyaran, ki bar shi mako biyu zuwa uku ba ki sake taɓawa ba, domin mai sauya take kullum ba zai taɓa sanin wanne ya yi aiki ba. Sannan ki duba. Idan har yanzu ba a kallo, matsalar tana ga take ko jerin ƙwarewa ko saiti, wato ba a samun ki. Idan ana kallo amma ba saƙo, ana samun ki ke nan, bayanin ne ko samfuri ko farashi bai gamsar ba. Idan gayyata na zuwa amma ta aikin da ba naki ba, akwai wata kalma da ta rage a wani lungu tana jawo su, ki nemo ta ki cire. Za ki kuma iya shiga sashen neman ma'aikata ki rubuta Hausa transcription kamar ke ce mai ba da aiki, ki ga su wa ke fitowa a shafin farko da yadda layukansu na farko suke. Ki koyi tsari, amma kada ki kwafi jimlar kowa, har da ta ƙawar taki. Abin da ya fi amfani ki tambaye ta shi ne wane irin aiki ake gayyatar ta, domin ƙila fagenta daban ne gaba ɗaya.

Sai dai ba zan ɓoye miki iyakar abin ba. Take mai kyau yana shigar da ke cikin sakamako, amma matsayinki a ciki ya danganta har da tarihin aiki, kuma ke ba ki da shi tukuna. Ga shi ayyukan Hausa ba su kai na Faransanci ko Larabci yawa ba, sukan zo ne jefi-jefi, gwargwadon lokacin da ƙungiyoyi suka gama tattara bayanai a fili. Amfanin kuwa shi ne masu gasa da ke ma kaɗan ne, shi ya sa ƙunƙuntar taken ta fi miki riba. Kada ki zauna jiran gayyata. Ki ajiye binciken kalmar Hausa a sashen ayyuka, ki riƙa leƙawa safe da yamma, ki tura buƙata ga waɗanda suka dace da takenki kaɗai, tunda kowace buƙata tana cin Connects, wato makin neman aiki na dandalin, su kuma kuɗi ne. Ƙaramin aiki biyu ko uku da aka kammala da yabo su ne ke fara ɗaga furofayil.

Maigida kuwa, yana da gaskiya a kan abu ɗaya: wata huɗu na data ba shiga ko sisi abin dubawa ne. Ki nuna masa tsohon take da sabo, ku yanke wa'adi tare, a ce wata biyu daga ranar gyara, da iyakar abin da za a kashe a data da Connects. Idan wa'adin ya cika, ku zauna da lambobi uku a gabanku: mutum nawa suka kalla, buƙata nawa kika tura, nawa aka amsa. Idan kallo ya ƙaru kuma an fara amsawa, a ci gaba. Idan shiru ne duk da gyaran, ki ɗauki wannan take da wannan bayani ki kai su LinkedIn da ProZ, inda kamfanonin fassara ke neman masu harsunan Afirka, sannan ki tura wa masu binciken da kika yi wa aiki a baya, ki ce musu kina karɓar sabon aiki.